Saƙo ya shigo, ban gane shi ba: me zan mayar?

*Assalamu alaikum. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, wayar shago a hannuna take. Sau da yawa saƙo kan shigo ta WhatsApp in karanta in kasa gane komai. Makon jiya wata Hajiya da ta daɗe tana sayen kaya wurinmu ta turo irin wannan, sai na mayar mata da "Me kike nufi??". Tun daga ranar ba ta sake magana ba, maigida kuma ya yi min faɗa sosai. Don Allah wace gajeriyar amsa ce zan riƙa bayarwa wadda ba za ta ɓata wa mutum rai ba?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na yi shekaru ina riƙe da wayar shagon yayana a nan Kwari kafin in koma koyar da harshe, don haka kujerar da kake kai na zauna a kanta, faɗan da aka yi maka ma na sha irinsa.

Amsar da kake nema ka riga ka iya ta tun kana yaro. Idan mahaifinka ya yi maka magana daga zaure ba ka ji ba, me kake cewa? "Na'am, Baba?" Ba ka taɓa ce masa "Me?" ko "Iye?" ba, in ma ka taɓa, to an gyara maka zama a ranar. Duka ukun abu ɗaya suke nema, wato a maimaita. Amma "na'am" tana nuna kai ne ba ka ji ba, kuma ga ka a tsaye kana saurare. "Me?" kuwa tana tura wa mai magana nauyin, kamar shi ne bai iya buɗe baki ba. Abin da ya faru tsakaninka da Hajiya ke nan. A bakin Bahaushe "me kike nufi" ba tambayar neman bayani ba ce kawai, ita ce maganar da ake yi idan za a fara rigima. Ka tuna inda ka saba jin ta: a bakin famfo, a cikin A Daidaita Sahu idan an yi saɓani kan canji, tsakanin kishiyoyi. A baki kana iya tausasa ta da murya da murmushi. A rubuce babu murya, babu fuska, sai kalmomi tsirara, ga kuma alamar tambaya har biyu da ka jera, wadda mai karatu yake ji kamar an ɗaga masa murya. Hajiya ba ta ji yaro yana neman bayani ba, ta ji yaro yana tuhumarta.

Saboda haka abu na farko da za ka riƙa dubawa kafin ka danna turawa shi ne, wa ke ɗauke da aikin a cikin jimlarka. Kwatanta waɗannan biyun. "Ba ki rubuta daidai ba." "Ban gane sosai ba." A ta farko ita ce mai gazawa, a ta biyu kai ne. Kuma ta biyun gaskiya ce tsantsa, domin abin da ka tabbatar kawai shi ne kai ba ka gane ba. Ba ka san ko ita ta rubuta ba, ko jikanta ta ba wa wayar, ko wayar ce ta canza mata kalma. Hausa ta ba mu wata hanyar ma, ta kawar da mutum gaba ɗaya daga jimlar: "saƙon bai fito min sosai ba", ko "a ɗan ƙara min bayani". Wannan "a" ɗin tana da daraja wajen manya, domin ba ta nuna kowa da yatsa. "A taimaka a sake turo min" ta fi "ki sake turowa" laushi nesa ba kusa ba, alhali buƙatar ɗaya ce.

Ga amsar da za ka iya ajiyewa ta zama jakadiyarka idan ba ka gane komai ba:

"Wa alaikumus salam Hajiya, barka da yamma. Na ga saƙonki, amma ban gane shi sosai ba. Don Allah a ɗan sake min bayani, ko a yi min murya in ya fi sauƙi."

Layi uku ne, kuma kowanne da aikinsa. Gaisuwar ba ado ba ce, ita ke gaya mata cewa babu ɓacin rai a ɓangarenka, kuma a Kano wanda ya tsallake gaisuwa ya faɗa kan tambaya ya riga ya yi laifi kafin a ji tambayar. "Na ga saƙonki" tana kwantar mata da hankali cewa ba a yi watsi da ita ba. "Sosai" ɗin nan ƙaramar kalma ce amma kar ka cire ta, domin "ban gane ba" a gajarce tana iya zama kamar ƙin yarda, irin ta mai cewa "ban gane ba, wai ni za ka yi wa haka?" Na ƙarshe kuma ya buɗe mata ƙofar da ta fi mata sauƙi. Da yawa daga cikin manyan masu sayen kaya a Kwari sun fi ka iya lissafi da ciniki sau goma, rubutun boko a kan ƙaramin gilashi ne kawai ba hannunsu ba. In ka ce ta sake rubutawa, ka mayar da ita inda ta yi tuntuɓe. In ka ce ta yi murya, ka mayar da ita inda take da ƙarfi.

Sai dai wannan amsar ita ce mafi rauni cikin amsoshin da suka dace, kuma a nan ne yaran shago da yawa suke tsayawa. Masana harshe sun daɗe suna nazarin yadda mutane ke gyara rashin fahimta a hira. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Mark Dingemanse ta fitar da binciken da ta yi kan hirar yau da kullum a harsuna 12, ta gano cewa kusan duk minti ɗaya da rabi sai wani ya nemi a gyara masa abin da bai ji ba ko bai gane ba. Ka ga ashe neman bayani ba abin kunya ba ne, da shi hira take tafiya. Abin da ya fi amfani gare ka a binciken shi ne, hanyoyin neman gyaran iri uku ne a duk harsunan. Akwai buɗaɗɗiyar tambaya, irin "na'am?", wadda ke sa mai magana ya maimaita komai. Akwai wadda ke nuna wurin da matsalar take, irin "wa ka ce?" ko "ƙarfe nawa?". Akwai kuma wadda mai sauraro ke kawo abin da ya fahimta don a tabbatar masa, irin "gobe kake nufi ko?". Mutane kuma sukan zaɓi mafi takamaimai da za su iya, domin ita ta fi rage wa mai magana wahala. Ta farko tana sa Hajiya ta sake rubuta saƙo sukutum. Ta uku "eh" kawai take nema daga gare ta. To a waya ma haka ne: gwargwadon yadda ka ɗauke mata aiki, gwargwadon yadda amsarka za ta yi mata daɗi.

Bari in nuna maka da wani saƙo da na taɓa samu, wanda har yau ban manta shi ba saboda abin da ya jawo. Wata mai sarin shadda ce daga Zariya, ta saba turo saƙo mu kai mata kaya tasha. Ran nan da la'asar ta rubuto:

"slm akai baki uku fari 2 gone unguwa uku 5"

Kallon farko kamar an watsa tsaba. Amma idan ka zauna da shi minti ɗaya, za ka ga yawancinsa a fili yake. "slm" sallama ce. "akai" a nan "a kai" ne, umarni, ba "aka yi" ba, domin tasha ta biyo baya. "baki" ba bakin magana ba ne, ba kuma baƙin da ake yi wa shimfiɗa ba, baƙin launi ne da aka rubuta ba lanƙwasa, kuma "fari" da ke kusa da shi ya tabbatar da haka. "gone" ita ce ke rikita sabon yaro, alhali "gobe" ce. Dubi allon rubutun wayarka, b da n maƙwabta ne, kuma wayar da aka saita kan Turanci tana ganin "gobe" sai ta ɗauka kuskure ne ta mayar da ita kalmar da ta sani. "unguwa uku" tashar Unguwa Uku ce ta kan titin Zariya, ba adadin kaya ba. Ka ga cikin kalmomi goma, tara sun warware. Saura "5".

Biyar ɗin nan tana iya zama ƙarfe biyar, lokacin da take so a kai kayan. Tana iya zama yadi biyar-biyar, tunda wani lokaci yanka take saye. Ni a ranar na yi abin da bai kamata ba, na yanke wa kaina hukunci cewa yadi take nufi, na mayar da "To Hajiya, an gama." Muka yanka shadda biyar-biyar, muka kai tasha da hantsi. Ashe ƙarfe biyar na yamma take nufi, lokacin da direban da ta sani zai tashi, kuma goma-goma take so kamar yadda ta sara a zuwanta na ƙarshe. Shadda kuwa in an sa mata almakashi ba ta komawa. Yankan nan ya zauna a shago har sai da muka sayar da shi da ragi, ita kuma ta rasa ranar da ta yi wa mai biki alkawari. Na ji kunyar matar nan ƙwarai, kuma ba ta da laifi ko kaɗan, domin a kanta maganar a bayyane take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai saƙo bai san inda saƙonsa yake yoyo ba, sai wanda ya karɓa ya nuna masa.

Abin da ya kamata in tura mata shi ne wannan:

"Wa alaikumus salam Hajiya. Na gane baƙi 3, fari 2, a kai tashar Unguwa Uku gobe. Biyar ɗin ce ban tabbatar ba, ƙarfe 5 ne ko yadi biyar-biyar?"

Duba abin da wannan amsar ta yi. Ta fara da abin da aka gane, don haka Hajiya ta ga an karanta saƙonta da kulawa, ba a ce mata ta rubuta shirme ba. Ta gyara "baki" zuwa "baƙi" da "gone" zuwa "gobe" a cikin maimaitawa, ba tare da an ambaci kuskure ba. Wannan dabara ce da nake so ka riƙe: gyara a cikin maimaici, kar ka taɓa cewa "gobe kike son rubutawa ko?". In ka fahimci kalma daidai, ka faɗe ta daidai ka wuce. In kuma ka yi kuskuren fahimta, za ta gani a jerin da ka kawo ta gyara maka, kai ne aka gyara ba ita ba. Sannan tambayar guda ɗaya ce, mai zaɓi biyu, wadda za a iya amsawa da kalma ɗaya ko da mutum yana tsakiyar ciniki. In ka jera tambayoyi huɗu, ta ƙarshe kawai za a amsa maka, wannan na gani ba sau ɗaya ba. In akwai abu biyu da ba ka gane ba, fara da wanda kuskurensa ya fi tsada, in an amsa sai ka kawo na biyun.

Ƙa'idar da na ɗauka tun daga ranar ita ce, akwai abubuwan da ba a cika su da zato ko da zaton ya kai kashi tara cikin goma: adadi, kuɗi, rana da lokaci, lambar asusu, da sunan wanda za a ba wa kaya. Sauran kalmomi kana iya hasashensu ka wuce. Waɗannan kuwa sai ka maimaita su da lambobi ka ji "eh". Kuma idan za ka yi tambayar, ja saƙon nata zuwa dama da yatsa don amsarka ta ɗauko shi a samanta. Mutum kan turo saƙo biyar a jere, in ka ce "ban gane ba" a ƙasa bai san wanne kake nufi ba, sai a shiga sabon ruɗani.

Wani abin da zai taimake ka shi ne ka koyi gane irin lalacewar saƙon, domin kowace da amsarta. In ka ga haruffa barkatai marasa wasali, ko harafi ɗaya ya maimaitu sau ashirin, ko hotunan dariya sun jeru ba dalili, ba mutum ne ya rubuta da niyya ba. Ko dai wayar ta dannu a jaka, ko yaro ya samu ya yi wasa da ita. A nan kar ka ce a yi maka bayani, domin babu bayanin da za a yi, kuma mai wayar zai ji nauyi. Ka ce, "Salam Alhaji, wani saƙo ya shigo min daga wayarka, ban sani ba ko akwai abin da ake buƙata." Ka ba shi hanyar fita. In babu komai zai ce yara ne, ku yi dariya tare, in akwai zai faɗa.

In kuwa ka ga ƙananan akwatuna ko alamar tambaya a tsakiyar kalmomi, to mai saƙon ya yi rubutu mai kyau ne ma, da ƙ da ɗ da ɓ, wayar da ta karɓa ce ba ta san haruffan ba. An fi ganin haka a saƙon tes da ya sauka a ƙaramar waya mai madannai. Akwai kuma wani abu game da tes da mutane ba su lura da shi ba: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya ya shiga ciki sai iyakar ta faɗo zuwa 70, dogon saƙo ya rarrabu gida-gida, wani lokaci wani gidan ya makara ko ya ɓace. Sai ka ga magana ta yanke a tsakiya. A irin wannan "saƙon bai iso min duka ba" ita ce gaskiyar magana, sai ka kawo kalmar ƙarshe da ka gani: "ya tsaya min a kan 'a ba wa direba', a ƙaraso min sauran." Haka nan idan WhatsApp ya nuna maka `Waiting for this message`, ba abin da mai saƙon ya yi, wayoyin biyu ne ba su gama daidaitawa ba, kuma sau da yawa yakan buɗe idan shi ma ya hau layi. Ka gaya masa bai buɗe ba tukuna, ya sake turowa in da gaggawa.

A nan zan ja kunnenka kan wani abu da yara ke yi da kyakkyawar niyya. Sukan ɗora wa "netwok" kowane laifi, ko da saƙon ya iso lafiya ƙalau, don kawai kar a ce sun ce ba su gane ba. Ban yarda da wannan ba. Na farko ƙarya ce, ko da ƙarama. Na biyu ba ta aiki: in ka ce netwok ya lalata saƙo, mutum zai sake turo maka shi yadda yake, harafi da harafi, ka koma inda ka fara, kuma yanzu ba ka da bakin cewa ba ka gane ba. Ɗaukar nauyi a kanka ba ya bukatar ƙirƙirar uzuri. "Ban gane sosai ba" ta isa.

Saƙon murya kuma nasa daban ne. Kafin ka ce ba ka ji ba, ka tabbatar ka yi naka ƙoƙarin, domin Kwari da rana ba wurin saurare ba ne, ga janareta, ga masu dako suna neman hanya, ga lasifikar masu talla. Kunna saƙon ka kara wayar a kunne kamar mai amsa kira, muryar za ta koma ƙaramar lasifikar sama, ka fi ji. Duba ko an bar saurin a kan 1.5x ko 2x, ka mayar da shi 1x. In duk da haka bai fito ba, kar ka ce "muryarki ba ta fita". Ka ce, "Hajiya, na ji farkon har inda kika ce atamfa turmi huɗu, daga nan hayaniya ta rufe min. Wane zane ne?" Ka ga ba sai ta sake magana ta minti biyu ba. Sannan duk cinikin da aka yi da murya, kai ka rubuta shi da lambobi ka tura a tabbatar, domin "sha biyu" da "sha bakwai" a cikin iska ba su da nisa, rubutun kuma shi zai raba gardama in an zo lissafi.

Sau nawa za ka tambaya? Sau ɗaya a rubuce. In amsa ta biyu ma ta zo a cukurkuɗe, kar ka sake cewa ba ka gane ba, domin na biyun yana da zafi ko da ka shafa masa zuma, mutum zai fara jin ana auna iliminsa. Ka rubuta, "Bari in kira ki Hajiya, in ba ki cikin uzuri," ka kira da katin shago. Minti ɗaya a baki yana warware abin da saƙo goma ba su warware ba. Kuma kar ka bar saƙon da ka buɗe ya kwana ba amsa don ba ka san me za ka ce ba. Ta ga alamar an karanta, shirun kuma za ta fassara shi da raini, wanda ya fi "me kike nufi" muni. Haka kuma ban da hoton fuska mai dariya a kan saƙon babba, ban da ɗaukar hoton saƙon ka nuna wa yaran layi. In a zauren 'yan kasuwa aka turo shi, bi mutum ta gefe ka tambaye shi shi kaɗai.

Akwai wurare biyu da duk wannan ladabin rubutu ba shi ne abin yi ba. Na farko, idan mutumin da ka san rubutunsa tsaf ne, musamman dattijo ko mai hawan jini ko ciwon suga, ya turo maka kalmomi a hargitse ba kamar yadda ya saba ba, kar ka tsaya tsara amsa, kira shi nan take. Rikicewar magana ko rubutu farat ɗaya tana cikin alamomin shanyewar ɓarin jiki, kuma faɗuwar suga ma tana sa haka. In ka ji harshensa ya yi nauyi ko maganarsa ba ta haɗuwa, nemi na kusa da shi a kai shi asibiti ba jira, domin a wannan ciwon kowace sa'a tana da daraja. Na biyu, idan saƙon da ba ka gane ba ya zo da adireshin da ake so ka danna, ko ya biyo da neman lambobi shida da suka shigo wayarka, ko sabuwar lambar asusu da ba ka saba da ita ba, to ko da sunan wanda ka sani ne a sama, kar ka danna, kar ka tura. Lambobin nan shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗin shago. Kira mutumin ta layin waya ka ji muryarsa.

Ta ɓangarenka kuma, tunda kai ke riƙe da waya kullum, shiga saitin allon rubutu ka ƙara Hausa cikin harsunansa, Gboard, allon rubutun Google, yana da ita, ko ka kashe `Auto-correction`, don kar naka saƙon ya riƙa isa wurin mutane da "gone" a madadin gobe. In ka tura ka ga kuskure, WhatsApp yana ba ka minti 15 ka gyara saƙon.

Sauran maganar Hajiya. Mako guda ya wuce, don haka rubutu kaɗai ba zai wadatar ba, kuma kar ka yi mata dogon bayanin abin da kake nufi da abin da ba ka nufa, wannan kare kai ne, za ta ji shi a haka. Ka sanar da maigida tukuna, sannan ka kira ta da safe bayan an buɗe shago, ka gaishe ta da kyau, ka tambayi iyali da kasuwa, ka ce, "Hajiya, amsar da na ba ki ran nan ba ta dace ba, ni ne ban gane saƙon ba kuma ban iya tambaya ba. A yi haƙuri." Ka tsaya nan ka bar ta ta yi magana, in faɗa ne ka saurara har ta gama. In ta huce, sai ka koma kan saƙon da kansa, domin buƙatar da ta sa ta rubuto wataƙila tana nan ba a biya ba. Kafin ka kira, sake buɗe shi ka warware shi kalma-kalma kamar yadda muka yi da na Zariya, ka fitar da abin da ka gane da abu ɗayan da ya rage, yadda in ta ce "to, me ka gani a ciki?" za ka iya karanto mata kayan da adadinsu, ka tambaye ta ɗayan.